Manhajar Alƙur'ani ta samo min ayoyin iyaye da maƙwabta, amma ta bar ɗalibata tsaye gaban Alaramma

Wannan manhajar Alƙur'ani mai fassarar Hausa da masu turi suke sa wa kowa a waya ranar kasuwa, ni ma na sa an tura min ita, kuma saboda aiki guda ɗaya na biya kuɗin turin. Ina koyarwa a wata Islamiyya a wani ƙauye da ke yankin Ringim, aka ɗora min haɗa ayoyin biyayyar iyaye da haƙƙin maƙwabci waɗanda yara za su karanta ranar walimar sauka, kowace aya da sunan surarta da lambarta, a buga a takarda a raba wa iyaye.

Wajen nema ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Na rubuta والد a gurbin bincike, kafin in ɗauke yatsa ta jero su. Ga ta Baƙara 83 inda aka riƙi alkawarin Bani Isra'ila, ga Nisa'i 36, An'am 151, Isra'i 23, Ankabut 8, Luƙman 14 da Ahƙaf 15. Har da waɗanda ban tuna da su ba a lokacin, kamar yabon Annabi Yahaya a Maryam 14 da maganar Annabi Isa kan mahaifiyarsa a Maryam 32, da addu'ar Annabi Ibrahim a aya ta 41 cikin surarsa, da ta Annabi Nuhu a ƙarshen tasa. Aikin da da sai na bi gardawa biyu ko uku suna jawo min daga ka, na gama shi ina zaune a gindin darbejiya. Ranar har na ce wa abokin aikina ya je a tura masa.

Sai dai ita haruffa take bi, ba ma'ana ba. Cikin jerin nan na tarar da ayar haramcin mushe da jini, saboda "waddama" da waɗannan haruffan take farawa, haka ma "waddarul akhiratu" da "waddawabbu". Waɗannan ba su dame ni ba, mai karatu yana gani zai tsallake. Abin da ta bari a baya shi ne abin lura. Isra'i 24, mai addu'ar "Rabbirhamhuma kama rabbayani sagira" da kowane yaro ya haddace, ba ta fito ba, domin babu kalmar a cikinta. Luƙman 15 ma haka, alhali ita ce ta faɗi iyakar biyayyar: in sun matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa. Wanda ya ɗauki aya ta 14 ya bar ta 15 ya kawo rabin magana. Ayar da Annabi Yusuf ya ɗora iyayensa kan karaga, ta 100 a surarsa, ita ma ba ta zo ba, don can "abawaihi" aka ce. Saboda haka duk ayar da ta ba ka, ka buɗe surar ka karanta ta gabanta da ta bayanta.

Batun maƙwabci ya fi ba ni wahala. Na rubuta "maƙwabci" da Hausa, ta ce babu, sai da na cire lanƙwasar harafin na rubuta "makwabci" sannan ta amsa. Da Larabci kuma, جار ya kwaso min duwatsu da fatauci da fajirai, wato "hijara" da "tijara" da "fujjar". Da na tace, aya ɗaya ta rage wadda ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci da sunansa, ita ce Nisa'i 36: maƙwabci na kusa, maƙwabci na nesa, da aboki a gefe. A nan ba laifin manhajar ba ne, haka abin yake. Akwai "inni jarul lakum" a Anfal 48, amma wannan maganar Shaiɗan ce ga mushirikai ranar Badar, kada wani ya ga kalmar ya kwafe ta zuwa takardar wa'azi. Sauran abin da muka saba ji kan maƙwabci, kamar wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaci za a ba maƙwabci gado, hadisi ne na Bukhari da Muslim. Ƙarshen Suratul Ma'un kuwa malaman tafsiri sun shigar da aron gatari da tukunya da guga a ciki, amma in za ka kawo ta sai ka ce tafsiri ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan.

Yaranmu da Warshu suka tashi, da ita suke wanke allo da asuba kafin su zo mana da yamma. Manhajar tana da wurin zaɓen ruwaya, na shiga na zaɓi Warshu, ta nuna alamar ta karɓa, muryar mai karatun ma ta canja. Na danna wurin kwafa, na tura ayoyin ga mai buga takarda a cikin gari. Ashe muryar kaɗai take canjawa. Rubutun da lambobin duk na Hafsu ne, kuma babu inda ta faɗi haka, ko da layi ɗaya.

Ranar walima an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa, mata suna daga cikin zaure, Alaramman tsangayarmu yana zaune kan buzunsa da Alƙur'aninsa a cikin gafaka. Wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta karanta ta Isra'i da ta Luƙman daga haddarta, lafiya lau. Ta Ahƙaf ba ta kai can a allo ba, sai ta duba takarda ta ce "biwalidaihi ihsanan, hamalat'hu ummuhu kurhan". Alaramma ya ɗaga hannu ya ce, "Husnan. Karhan. Sake, 'yata." Yarinyar ta dubi takarda, ta dube ni, lasifikar tana rawa a hannunta. Ta sake karanta abin da ke rubuce, ya sake gyara mata. Mahaifinta yana sahun gaba, na ga ya sunkuyar da kai.

Na matsa na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, takardar ce ta zo da Hafsu." Ya ce, "Na sani, Malam. Duka biyun karatu ne ingantacce. Amma da Warshu ta faro, ba a sauya wa yaro ruwaya a tsakiyar karatu bai sani ba." Sannan ya karɓi takardar, ya zaro Alƙur'aninsa bugun Warshu mai lambobi, ya fara bin su ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a. Inda muka rubuta Ahƙaf 15, a nasa 14 ce. Luƙman 14 a nasa 13. Ankabut 8 a nasa 7, Baƙara 83 kuma 82. Ta An'am ma gaba ta yi, 151 ta zama 152. Biyu ne kawai suka dace, Nisa'i 36 da Isra'i 23. Wani dattijo daga baya ya ce, "To wai wayar ce ta ƙara ayoyi ko Malam ne ya rage?" Babu wanda ya yi dariya.

Ba a ƙara komai ba, ba a rage ba. Bugun Hafsu yana bin ƙirgar mutanen Kufa, ayoyi 6236, na Warshu kuma yana bin ƙirgar Madina, 6214. Bambancin yana wurin da ake sa alamar ƙarshen aya. Mutanen Kufa suna ƙirga "Alif lam mim" da "Ha mim" a matsayin aya mai zaman kanta, mutanen Madina suna haɗa su da abin da ke biye, shi ya sa Baƙara da Ankabut da Luƙman da Ahƙaf duk suka ja baya da ɗaya. Nisa'i da Isra'i ma ƙirgarsu ta bambanta, sai dai wurin saɓanin yana can gaba da ayoyinmu, don haka lambar ba ta motsa ba. Alaramma ya yi wa jama'a wannan bayani a taƙaice, Allah ya saka masa da alheri, ya kuma sa yarinyar ta maimaita bayansa har ta samu. Amma takardun sun riga sun shiga hannun mutane, wasu har sun naɗe sun sa a aljihu.

Wanda zai yi irin wannan aiki a ƙauyukanmu, ga yadda na koma yi. Kafin komai ina buɗe farkon Baƙara: in akwai lamba 1 bayan "Alif lam mim", ƙirgar Kufa ce, ko me manhajar ta ce ka zaɓa. Sannan ba na rubuta lamba ita kaɗai. Ina sa sunan sura, da kalmomin farkon ayar, da lambar, da ruwayar, misali Suratu Luƙman, "Wa wassainal insana biwalidaihi hamalat'hu ummuhu wahnan", aya ta 14 a Hafsu, ta 13 a Warshu. Dole ka ja kalmomin su ɗan yi tsawo, domin "Wa wassainal insana biwalidaihi" wuri uku ta zo, Ankabut da Luƙman da Ahƙaf, haka "wa bilwalidaini ihsanan" wuri huɗu, Baƙara da Nisa'i da An'am da Isra'i. Ga mutanen tsangaya kuwa izu ya fi musu lamba sauƙi. Ka ce izun "Walmuhsanatu", rubu'in "Wa'abudullaha", ko izun "Subhana", rubu'in "Wa ƙada Rabbuka", nan take gardi zai ɗauko maka ba tare da ya buɗe komai ba.

Bayan kwana biyu zuciyata ta ɗan sauka, na ce ai abin da ta samo min daidai ne, kuma tana buɗewa ko babu sabis, wanda a nan ba ƙaramin abu ba ne. Na buɗe ta zan gyara takardar, da yake datar a kunne take sai ga tallar wani wasa ta rufe rabin ayar Nisa'i, sai na jira ta ƙare. Nan takaicin ya dawo sabo. Mutumin da ya iya sa talla a kan aya bai iya rubuta layi ɗaya ya ce rubutun nan na Hafsu ne ba? Yarinyar nan mako guda ba ta zo makaranta ba, sai da matata ta je gidansu ta lallashe ta.

Ban goge ta ba, ina neman aya da ita har yanzu. Amma abokin aikina da na tura wajen mai turi, na bi shi har gida na ce kada ya kwafi ko harafi ɗaya daga cikinta zuwa takarda sai ya ɗora shi kan bugun da yaransa suke karantawa. Sabuwar takardar da hannu na rubuta ta, na kai wa Alaramma ya duba kafin a buga, kuɗin bugu na biyun kuma daga aljihuna ya fita.