Ɗage rajista zuwa baɗi ko sayar da lamba: amsa ga ɗan'uwanmu mai ciwon ƙwauri

"Jama'a, na biya rajistar tseren kilomita 21 da za a yi Abuja, saura sati biyar. Likita ya ce ƙashin ƙwaurina ya tsage, kada in yi gudu. In rubuta musu su ɗage mini zuwa baɗi, ko in sayar da lambata ga wani da ya yi mini tayi? Mi kuka gani?"

Allah ya ba ka lafiya, ƙanena. Rubuta wasiƙar, kuma ka tura ta yau ko gobe. Mai tayin nan ka ba shi haƙuri.

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, koma cikin saƙon imel ɗin da suka turo maka ranar da ka biya, ka buɗe sharuɗɗan tseren. Yawanci da Turanci suke, don haka ka nemi kalmomi uku: `deferral`, wato ɗagewa zuwa wata shekara, `transfer`, wato miƙa gurbi ga wani da saninsu, da `refund`, mayar da kuɗi. Abin da kake nema a wurin shi ne ranar rufewa. Kowane tsere da tsarinsa, har manyan na duniya ba su daidaita ba. Marathon na Landan yana barin wanda ya samu gurbi ta ƙuri'a ya ɗage zuwa shekara ta gaba sau ɗaya, amma sai ya sake biyan kuɗin shiga. Na Boston kuwa ba ya ɗage wa kowa saboda rauni, sai dai a 2023 ya buɗe ƙofa ga masu juna biyu da masu jego. In sharuɗɗan naka sun yi shiru a kan batun, to alheri kake nema ba hakki ba, kuma muryar wasiƙarka ta nuna haka.

Gaggawar da nake sa ka tana da dalili. Masu shirya tsere suna aika jerin sunaye wurin buga lambobi makonni kafin rana, a manna wa kowace lamba ɗan na'urar da ke ɗaukar lokaci, a ɗinka riguna gwargwadon yawan mutane. Muddin ba a buga taka ba, cire sunanka ba ya cin musu komai, suna ma iya ba wani gurbin su sake karɓar kuɗi. Da zarar an buga, kuɗinka ya riga ya shiga aiki, kuma mai karanta wasiƙarka ya samu hujjar cewa a'a. Sati biyar lokaci ne mai kyau. In ka bari sai saura kwana uku, lokacin wayoyinsu ba sa hutawa, ko buɗe saƙon ba lalle a yi ba.

Ni ɗagewa na taɓa nema, shekarar da agarata ta kumbura ana tsakiyar hunturu, har sauka daga babur sai na dafa. Na rubuta musu 'yan layuka, na haɗa da hoton takardar asibiti. Wata baiwar Allah ce a ofishinsu ta amsa, ta fara da yi mini sannu, sannan ta ce sun ajiye mini gurbi, in an buɗe rajistar baɗi in turo mata wannan saƙon nata. Abin da ya fi daɗin shi ne yadda hankalina ya kwanta. Tun da na san gurbina na nan, na daina leƙa filin wasa na Giginya da ke Sakkwato da asuba ina gwada ƙafa ko ta warke. Na zauna na yi jinya yadda likita ya ce, shekara ta zagayo na je na yi tserena lafiya lau. Wannan ribar ba ta cikin lissafin kuɗi, amma mai tsagewar ƙashi ya fi kowa bukatarta, domin abin da ke mayar da ƙaramar tsaga karaya sosai shi ne komawa gudu da wuri.

Ga yadda zan rubuta in ni ne kai. Na sa ta da Hausa don kowa ya bi, kai ka rubuta taka da harshen da suka yi maka magana da shi. A layin kan saƙo ka sa: neman ɗage rajista, sunanka, lambar rajistarka. Sai jikin wasiƙar:

"Assalamu alaikum. Sunana wane, daga Sakkwato. Na yi rajistar tseren kilomita 21 ranar kaza, lambar rajistata kaza, kuma ga shaidar biyan kuɗi na haɗo. Ranar kaza likita ya tabbatar ina da tsagewar ƙashin ƙwauri, ya hana ni gudu har bayan ranar tseren. Takardarsa tana haɗe da wannan saƙo. Ina roƙon a ɗage rajistata zuwa tseren baɗi, a wannan nisan. Na saki gurbina na bana, kuna iya ba wani. Ina so a sanar da ni a rubuce ko an amince, ko akwai ƙarin kuɗin da zan biya, da abin da zan yi idan an buɗe rajistar baɗi. Na gode, Allah ya sa a yi taro lafiya."

Shi ke nan, kada ka ƙara. Na san za ka so ka ba su labarin yadda kake tashi bayan sallar asuba ka yi hanyar Wamakko kafin rana ta ɗaga, da takalmin da ka tara kuɗi ka saya. Mu nan mun san zafin abin, ka faɗa mana. Wanda zai buɗe saƙonka yana da ɗaruruwa a gabansa, abin da yake nema shi ne ya gano ka a jeri, ya ga hujja, ya ga me kake so. Kuma buƙata ɗaya tak za ka sa. In ka ce "a ɗage mini, ko a mayar mini da kuɗi, ko a ba abokina", ka ba shi aikin zaɓa maka, sai ya ajiye saƙon ya ce sai ya tambayi na sama. Layin nan na sakin gurbi kuwa kada ka cire shi, shi ne abin da kai ma kake ba su.

Tambayoyin ƙarshen wasiƙar ba ado ba ne. Ɗagewa iri biyu ce. Akwai wadda kuɗinka ke bin ka zuwa baɗi, akwai wadda gurbi kawai ake ajiye maka, kuɗin bana ya tafi, ka sake biya. In tseren naka ba ya cika, kowa ya zo yana samun wuri, to ajiye gurbi kawai ba shi da wani amfani a gare ka, kuɗin ne abin magana. Sannan a wurare da yawa ɗagewa ba ta sa sunanka ya shiga jerin baɗi da kansa, sai ka sake cike fom a cikin lokacin da suka ba ka. Nan mutane ke asarar gurbin da suka sha wahalar samu.

Takardar likita ita ce ƙashin bayan wasiƙar. Ta kasance a kan takardar asibiti mai suna a sama, da kwanan wata, da sa hannu, da hatimi. Sunanka a ciki ya zo daidai da yadda ka rubuta shi a rajista. In can kai Muhammad ne da mahaifi da laƙabi, nan kuma an taƙaita an sa biyu, ka roƙi a gyara tun kana asibitin. Jimlar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ta ce ba za ka iya gudu ba har zuwa lokaci kaza, kuma lokacin ya wuce ranar tseren. Takardar da ta ce "ya zo an duba shi" kawai ba ta cewa komai. Ba sai ka tura musu katin asibiti gaba ɗaya ko sakamakon gwaje-gwajenka ba, wannan sirrinka ne. Hoton ƙashi ma ka bar shi a gida. Irin wannan tsagar ta yawan gudu sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko sai bayan sati biyu zuwa uku, in ka tura hoton da ba a ga komai ba sai ka jawo wa kanka tambaya. In mai ɗori ne ya fara duba ka, duk ƙwarewarsa ba shi da hatimin da za su karɓa. Je asibitin koyarwa na jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwararru, ko inda likitan naka yake, ka nemi rahoto a rubuce. Ka tambayi kuɗinsa da kwanakin da yake ɗauka tun yau, in zai jima ka tura wasiƙar ka ce takarda na tafe.

Sayar da lamba kuwa, abin da zan iya cewa a kansa na alheri shi ne kuɗi na shigowa hannu nan take, su ma ba duka ba, don mai saye ya san a matse kake. Sauran duk matsala ce. Lambar nan tana ɗaure da sunanka, da shekarunka, da wayar wanda za a kira in wani abu ya same ka. Mutum ya yanke jiki ya faɗi a kilomita na 17 da lambarka a ƙirji, gidanku za a kira a Sakkwato, nasa dangin ba su da labari. In ya gama lafiya, lokacinsa ya hau sunanka, in aka gane kai za a hana shiga nan gaba. In dai sharuɗɗan sun yarda da miƙa gurbi, aka canja suna a wurinsu da hannunsu, to babu laifi. Bayan fage kam, a'a.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu shigo maka ta bayan gida da zarar sun ga ka yi wannan tambayar. Wani zai ce yana da mutum a cikin masu shirya tseren, ka turo kuɗin shan ruwa a gyara maka. Ɗagewa ba ta bi ta asusun wani mutum. In akwai kuɗinta, ta hanyar da ka biya rajista za ka biya, a ba ka rasit. Wani kuma takardar likita yake sayarwa, da hatimin da aka sassaƙa a kasuwa. Kai da ciwonka na gaskiya ba ka da abin yi da ita, kuma kira ɗaya zuwa asibitin ya isa ya tona ta. Haka masu cewa za su sayi lamba su turo maka hoton biyan kuɗi na bogi, ka miƙa musu saƙon rajistarka, kuɗi bai taɓa shigowa ba.

Ka tura wasiƙar ga adireshin imel ɗin da ke cikin saƙon rajistarka, ba ga wata lamba da aka ba ka a gefe ba. In sati ya cika shiru, ka sake turawa a kan saƙon farko don kwanan watansa ya fito, sannan ka kira su ka faɗi lambar rajistarka. Ko an ce maka "an yi" a waya, ka ce a taimaka a rubuto maka. Ma'aikatan tsere suna canjawa daga shekara zuwa shekara, wanda ya yi maka alkawari bana ba lalle shi za ka tarar baɗi ba. Ka ɗauki hoton amsar ka ajiye tare da rasit ɗinka, ka sa wa wayarka tuni a watan da suka saba buɗe rajista.