Kafin ka zaɓi muryar kasuwancinka, gwada ta da labari marar daɗi

Idan za ka biya mai rubuta talla ya tsara maka saƙonnin WhatsApp, zai tambaye ka wace murya kake so: ta raha, ta ofis, ko ta zumunci. Kada ka yanke hukunci da saƙon "kaya sun iso", don kowace murya na iya ɗaukar wannan. Ka ce ya rubuta maka labari marar daɗi guda, sau uku.

A ce kana sayo dankalin turawa na Bokkos a kasuwar Farin Gada da ke Jos, kana aikawa Abuja. Mota ta lalace a Akwanga, buhu 2 na wata Hajiya a Kubwa ba za su isa ba sai gobe.

Mai raha zai ce: "Hajiya, dankalinki ya tsaya shan iska a Akwanga, gobe zai ƙaraso!" Da daɗi a kunne, amma idan baƙi take jira yau da dare, za ta ji kamar ba ka ɗauki kuɗinta da daraja ba. Raha ta fi dacewa da tallar sabon kaya ga matasa. Kuma a gari irin Jos, ban yarda a sa barkwancin ƙabila ko addini a talla ba, ko da tsakanin abokan wasa ne, domin saƙo kan faɗa hannun wanda ba da shi aka yi ba.

Ta ofis kuwa: "Muna sanar da ku cewa saboda matsalar mota, kayanku za su iso gobe da ƙarfe 10 na safe. Muna ba da haƙuri." Manajan otal ko mai gidan abinci ita yake so, don zai iya tura wa maigidansa yadda take. Hajiyar da ta shekara tana saye a wurinka za ta ji an mayar da ita baƙuwa.

Ga ta zumunci: "Hajiya, barka da yamma, ya gida? Don Allah a yi haƙuri, motarmu ta lalace a Akwanga. Gobe da ƙarfe 10 dankalin zai iso, in Allah ya yarda. Idan akwai girkin da ba zai jira ba, a faɗa mini yanzu in nemo mafita." Wannan nake ba ƙaramin ɗan kasuwa shawara ya ɗauka, amma tana cin lokaci, don sai ka san mutanenka. Ba a watsa ta ga mutum 200 a tare, in ba haka ba "Hajiya" za ta faɗa wayar wani Alhaji ko wata Madam. Tana kuma lalacewa idan gaisuwa ta yi tsawo har lokacin isowar kaya ya ɓace a ciki.

Idan samfuran uku sun zo, karanta wa wani kowanne da baki, ka tambaye shi: me ya faru, yaushe kaya za su iso? Samfurin da mutumin ya kasa amsawa a kai, mayar wa marubucin ya gyara kafin ka cika masa kuɗinsa.