Tabarmar siffofi ko igiya da alli?

"Ajina a Agege yara 24 ne, daga 'yan shekara 4 zuwa 9. Zan koya musu siffofi a waje da wasa. In sayi tabarmar roba mai siffofi, ko igiya da alli sun wadatar?"

Malama, igiya za ki saya. Tawa ta auduga ce, na yi mata ƙulli 12 a tazara ɗaya, rabin mita tsakanin kowane biyu, na haɗe bakinta ta zama zobe. Ki yanko mita 8, don ƙullin na cin tsawo.

Ki raba yaran gida uku, takwas-takwas, manya da ƙanana a gauraye, kowane gida da igiyarsa. Manya uku su riƙe ƙulli su ja baya har igiyar ta miƙe, tazara 4 a kowane gefe: alwatika ke nan. Wani ya bi gefen da alli a kan siminti, ƙanana kuma su taka layin suna ƙirga gefe, su yi tsalle a kowace kusurwa. Daga nan sai mutum huɗu su riƙe 3-3-3-3, murabba'i ya fito, sannan 4-2-4-2, dogon murabba'i. Da'ira kuwa, yaro ɗaya ya tsaya cak a tsakiya da ƙulli a hannu, wani ya zagaye shi da alli, igiya a miƙe. Minti 40 ya isa.

A murabba'i za ki sa ido. Gefe huɗu daidai ba ya hana shi karkacewa. Ki sa manyan su auna da taku daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, su auna ɗaya ɓangaren. In takun bai zo ɗaya ba, a gyara tsayuwa. 'Yan shekara 9 ki ƙara musu alwatika mai gefe 3-4-5, wanda ke fitar da kusurwa irin ta bangon ɗaki. Akwai wata 'yar shekara 5 a ajina da ta ce wannan ba alwatika ba ne, wai ya kwanta. Yayarta ta kama hannunta suka taka gefen suna ƙirgawa, da suka kai uku sai ta fashe da dariya.

Tabarmar kuwa ina da ita, launinta na da kyau, shi ke nan. Siffa ɗaya zama ɗaya, manya kan gaji da ita nan take, ga santsi in ta jiƙe, kin kuwa san ruwan Legas a watan Yuni.

Ki yi hattara da masu igiya a kasuwa: wasu da hannu suke awo, su ce miki mita ne. Ki tafi da tef ɗin tela. In aka ce ta leda ta fi ƙarko kada ki karɓa, tana goge tafin hannun yara in suka ja. Ki sayi igiya uku da kwalin alli mai launi.