Kafin ka sa hannu a hayar shekara 15: wane tsarin bitar kuɗin haya za ka karɓa?

Mafi yawan masu neman hayar ofis, shago ko gidan ajiyar kaya suna ƙare ƙarfinsu wajen ciniki a kan kuɗin shekarar farko. In an rage musu kaɗan sai su ga kamar sun yi nasara. Amma a yarjejeniyar shekara 15, wannan kuɗin na shekara biyar ne kacal. Sauran shekara goman, wani sharaɗi ne da ke can tsakiyar takarda zai yanke su, wato sharaɗin bitar kuɗin haya. Tun ran gini ran zane: abin da ka amince da shi yau shi za ka biya a lokacin da ba ka da sauran bakin ciniki.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Zan yi lissafin da fam ɗin Ingila, domin a can ne da ƙasar Ireland wannan salon yarjejeniya ya fi kafuwa, kuma al'adarsu ita ce a yi bita duk shekara biyar. A ce wani kamfani zai kama ofis na shekara 15 a kan fam 100,000 a shekara, za a yi bita a ƙarshen shekara ta 5 da ta 10. A ce kuma kasuwa ta tashi zuwa 120,000 a bitar farko, sannan ta faɗi zuwa 90,000 a ta biyu. Alƙaluman misali ne, amma irin wannan hawa da sauka ba baƙon abu ba ne a tsawon shekara goma.

Tsarin da mai gini zai fara miƙo maka shi ne bitar da ba ta komawa ƙasa. Yadda ake rubuta ta shi ne, sabon kuɗin haya zai zama wanda ya fi yawa tsakanin abin da kake biya yanzu da farashin kasuwa a ranar bita. A misalinmu, bitar farko ta kai ka 120,000. Da kasuwa ta faɗi zuwa 90,000, kai kana nan a 120,000. Maƙwabcinka da ya shigo jiya yana biyan 90,000 a kan irin ofis ɗinka, kai kuwa kana ɗora 30,000 duk shekara har shekara biyar, fam 150,000 ke nan. Kuma ba nan matsalar ta tsaya ba. In ka so ka miƙa wa wani hayar ka fita, babu mai karɓar yarjejeniyar da ta fi kasuwa tsada sai ka haɗa masa da kuɗi. Ga shi galibi haya tana faɗuwa ne a lokacin da ciniki ma ya ja baya, wato daidai lokacin da ba ka da ƙarfin ɗaukar nauyin.

Masu gini ba don mugunta suke nacewa a kan wannan sharaɗi ba. Darajar ginin kasuwanci tana rataye ne a kan kuɗin hayar da yake kawowa, kuma bankin da ya ba da bashin ginin yana son ya tabbata kuɗin ba zai ragu ba. Sanin wannan yana da amfani a teburin ciniki: tabbaci kake sayar masa, don haka ka nemi a biya ka, ko da ƙarin watannin zama kyauta, ko da damar fita daga yarjejeniyar bayan bita.

Ka kuma duba dokar wurin da ginin yake. Ireland ta hana wannan sharaɗi a sababbin yarjejeniyoyi tun daga 28 ga Fabrairu 2010, ƙarƙashin sashe na 132 na dokar filaye da ta kafa a 2009, amma tsofaffin yarjejeniyoyi sun ci gaba yadda suke. A watan Yulin 2025 gwamnatin Birtaniya ta gabatar wa majalisa ƙudurin da ke ɗauke da irin wannan hani ga sababbin hayoyin kasuwanci a Ingila da Wales. Tambaya ta farko ga lauyanka ita ce ko sharaɗin halal ne a ranar da za ka sa hannu.

Kishiyarsa ita ce bitar da ke bin kasuwa sama ko ƙasa. Da ita za ka biya 120,000 sannan ka sauko 90,000, jimillar shekara 15 ta zama fam miliyan 1.55, maimakon miliyan 1.7. Samunta yana da wuya, kuma mai gini yakan ƙara kuɗin farko don ya rama. Akwai wata tsaka-tsakiya da a ganina ta cancanci a riƙa neman ta fiye da yadda ake yi: kuɗin ya iya sauka, amma kada ya gaza na ranar farko. A misalinmu za ka koma 100,000 a bita ta biyu, jimilla miliyan 1.6. Bankin mai gini ya sami tabbacin mafi ƙarancin kuɗin da yake nema, kai kuma ba a ɗaure ka a ƙololuwar kasuwa ba.

Sai tsarin da ke bin hauhawar farashin kaya, inda ake ɗaura haya a kan ma'aunin farashin kayan masarufi da hukuma ke fitarwa, irin CPI ko RPI. Daɗinsa shi ne babu gardama, lissafi ne kawai. Amma mutane suna raina yadda ƙari ke hawa kan ƙari. Kashi 3 cikin ɗari a shekara yana kai 100,000 zuwa kusan 115,900 bayan shekara biyar, da kusan 134,400 bayan goma. Jimilla kusan miliyan 1.75, wato a misalinmu shi ne mafi tsada duka, domin farashin kaya bai damu da cewa ofisoshi sun yi kwantai ba. In za ka karɓe shi, sai da iyaka sama da ƙasa, misali kada ƙarin ya wuce kashi 4 ko ya gaza kashi 1 a shekara. Da haka ka san bitar farko za ta faɗa tsakanin 105,100 da 121,700. Ka lura cewa iyakar ƙasan nan ita ma hana sauka ce, an dai sauya mata riga. Ƙarin da aka ƙayyade tun farko, kaza a shekara ta 5, kaza a ta 10, ɗan'uwan wannan tsari ne: ya dace da mai son tsara kasafinsa ba tare da fargaba ba. Hayar da ke bin yawan cinikin shago kuwa ta masu sayar da kaya ce, kuma sai ka yarda mai gini ya riƙa duba littattafanka.

In ka zaɓi bin kasuwa, to a nan gizo ke saƙar, domin "farashin kasuwa" ba lamba ba ce da aka manna a bango. Ana ƙaddara wata haya ce ta zato: da a ce ginin fanko ne a ranar bita, mai gini yana son bayarwa, wani yana son karɓa, nawa za su daidaita? Yarjejeniyarka ce ke faɗin abin da za a ƙaddara da abin da za a kawar da kai a kansa. Abu uku ya wajaba a kawar da kai a kansu: zamanka a ginin, sunan da kasuwancinka ya yi wa wurin, da gyaran da ka yi da kuɗinka. Na ukun ya fi cizo. In ka kashe kuɗi ka sa na'urorin sanyaya ɗaki ko ka ƙara bene a cikin gidan ajiya, kuma ba a rubuta a cire su daga lissafi ba, za a ƙiyasta ginin da su, ka biya haya a kan abin da ka saya da aljihunka. Yawancin yarjejeniyoyi suna kare gyaran da aka yi da izinin mai gini ne kawai, kuma wanda ba dole aka ɗora maka ba. Saboda haka ka karɓi izini a rubuce, ka ɗauki hotunan ginin kafin ka taɓa komai, ka adana. Shekara goma nan gaba babu mai tuna yadda wurin yake.

Masu ƙiyasta kadarori suna gano farashin ne ta hanyar duba gine-gine makamanta da aka ba da haya kusa da ranar bita, su mayar da kowanne zuwa kuɗin murabba'in mita ɗaya, su daidaita bambancin wuri, girma da shekarun gini. Ga inda ake kayar da wanda bai sani ba. Wakilin mai gini ya zo da shaida cewa an ba da ofis ɗin da ke kallon naka a kan 120,000. Gaskiya ne, haka aka rubuta. Abin da bai fara faɗa ba shi ne an ba wancan ɗan hayar wata 18 kyauta a yarjejeniyar shekara goma. A ce wata 6 na shirya wurin ne, sauran wata 12 kuwa tukuicin shigowa ne. In ka raba wannan shekara guda ta kyauta a kan shekara goma, ainihin hayar 108,000 ce. In ka raba ta a kan shekara biyar da ke kafin bitarsa, 96,000 ce, ƙasa da abin da kake biya. Wakilinka zai ja wajen biyar, nasu ya ja wajen goma, kuma wannan gardama ce ta halal. Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne jimlar da ke cewa a ƙiyasta hayarka kamar an riga an cinye duk wani rangwame da ake ba sabon ɗan haya. Wannan jimla tana sa a ɗora maka 120,000 ɗin da ke rubuce, ba tare da ka ga kyautar ko wata ɗaya ba. In ta haɗu da sharaɗin hana sauka, kuskuren bita ɗaya zai bi ka har ƙarshen yarjejeniya. Rangwamen lokacin shirya wuri kaɗai ya kamata a ƙaddara an cinye, tunda kai ka riga ka shirya naka.

Idan an kasa daidaitawa, wani na uku ne ke yankewa, kuma a Ingila galibi shugaban RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu ƙiyasta kadarori, ne ke naɗa shi in ɓangarorin ba su yarda da mutum ɗaya ba. Zai zo ko a matsayin mai sasanci ko a matsayin ƙwararre mai zaman kansa. Mai sasanci yana yanke hukunci ne a kan hujjojin da aka kawo masa, ƙarƙashin dokar sasanci ta 1996, kuma yana da ikon ɗora kuɗin shari'ar a kan wanda ya faɗi. Ƙwararre yana amfani da nasa sanin kasuwar, ya fi sauri da sauƙin kuɗi, amma ƙalubalantar abin da ya yanke yana da wuya ƙwarai. Ga ƙaramin gini da ke da makamanta da yawa, ƙwararre ya isa. Ga babban gini ko wanda ba shi da tamka, na fi natsuwa da mai sasanci.

Abu na ƙarshe da za ka duba shi ne lokaci. Kada ka ɗauka in ranar bita ta wuce mai gini bai yi magana ba, ka tsira. Tun hukuncin Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, a shari'ar United Scientific Holdings da ƙaramar hukumar Burnley, ƙa'idar ita ce jinkiri ba ya kashe haƙƙin bita sai in yarjejeniya ta nuna akasin haka. Yana iya zuwa bayan shekara biyu, sabon kuɗin ya koma baya zuwa ranar bita, a biyo ka bashin 40,000 a misalinmu, har da kuɗin ruwa. Don haka ka nemi a rubuta cewa kai ma kana da ikon tayar da bita da kai maganar gaban mai yankewa, a sa kuɗin ruwan cikon ya zama mai sauƙi, ba irin na wanda ya ƙi biya ba, sannan daga ranar bita ka fara ware bambancin da kake hasashe a gefe duk lokacin biyan haya.