Kwas ɗin lissafin shigar kuɗi da fitarsu: abin da na samu da inda ya gaza

Kwas ne na yamma da wani akanta yake yi wa masu ƙananan sana'o'i a Kano, darasinsa ɗaya tak: yadda ake haɗa bayanin shigar kuɗi da fitarsu, da yadda ake karanta shi. Ni gidan burodi nake da shi. Hukuncina a taƙaice shi ne kuɗina bai faɗi ba, amma wanda bai taɓa rubuta cinikinsa a littafi ba zai sha wuya, domin malamin ya ɗauka kowa ya zo da lissafin ribarsa a hannu.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai fara da haddar sunaye ba. Ya ce kowa ya kawo lissafin shekararsa, sannan duk kuɗin da ya motsa a yi masa tambaya: daga ciniki ya fito, ko kayan aiki aka saya ko aka sayar, ko kuwa tsakaninka ne da masu jari da masu ba da rance? Amsar ita ce sassa ukun: harkar yau da kullum, zuba jari, da samo jari. Lissafina aka ɗora a allo, don haka da shi zan yi bayani.

Littafina ya nuna ribar naira miliyan 6 a shekarar, alhali abin da ya rage a banki da aljihun tebur naira 700,000 ne, ƙasa da miliyan 1.5 da na shiga shekarar da su. Sashen harkar yau da kullum ne ya warware wannan, kuma a nan malamin ya fi daɗewa. Ana farawa da ribar, sai a gyara ta har ta koma tsabar kuɗi. Da farko aka mayar da miliyan 1.2 na raguwar darajar injuna. An cire su wajen lissafin riba saboda injin yana tsufa, amma babu wanda na miƙa wa ko kwabo, don haka suna nan. Daga nan aka shiga ragewa. Bashin da nake bin masu shayi da masu kanti ya ƙaru da miliyan 2.5: burodin ya fita, an rubuta ciniki, kuɗin bai shigo ba. Fulawa da sukari da bota da na jibge a sito sun ƙaru da miliyan 3, don gudun tashin farashi. Wannan kuɗi ya fita, amma lissafin riba bai gan shi ba tunda ba a toya kayan ba tukuna. Sai aka ƙara 800,000, wato ƙaruwar bashin da dilan fulawa yake bi na, domin kayansa na hannuna, kuɗinsa ma na hannuna.

Wani a ajin ya ce, "Malam, ke nan cin bashi alheri ne?" Aka yi dariya. Malamin ya ce na ɗan lokaci ne kawai, kuma duk wanda ya ga wannan sashe ya yi kyau alhali abin da ya kumbura shi jinkirin biyan diloli ne, to ya san baɗi zai rama.

Akwai gyara guda da ban taɓa tunaninsa ba. Na sayar da tsohon janareta naira 900,000, darajarsa a littafi kuma 700,000 ce, saboda haka 200,000 ta shige cikin ribata. Aka cire ta daga wannan sashe, domin ba burodi ne ya kawo ta ba, kuma kuɗin janaretan gaba ɗaya za su bayyana a sashe na biyu. In an bar ta, an ƙirga ta sau biyu. Da aka haɗa komai, ribar miliyan 6 ta koma tsabar miliyan 2.3.

Sashen zuba jari bai ɗauki lokaci ba. Sabon injin kwaɓi da na saya miliyan 5 ya fita, 900,000 na janareta suka shigo, saura fitar miliyan 4.1. Malamin ya ja kunne cewa ganin ragi a nan ba abin tsoro ba ne, sana'a mai girma haka take. Abin tsoro shi ne a ga wannan sashe yana kawo kuɗi shekara bayan shekara, wato mutum yana sayar da kayan aikinsa don ya biya albashi.

A sashen samo jari, rancen miliyan 4 da yayana ya ba ni ya shigo, miliyan 1 da na mayar masa ta fita, sai miliyan 2 da na ɗiba don cefane da kuɗin makarantar yara. Wannan na ƙarshe ya tayar da gardama, domin da yawa a ajin suna zuba shi cikin kuɗin gudanar da shago. Ba nan ne wurinsa ba: abin da mai sana'a ya ɗiba wa kansa jari ne ya janye. Sashen ya tsaya a shigar miliyan 1. To, 2.3 a cire 4.1 a ƙara 1, an samu ragin 800,000, kuma miliyan 1.5 a cire 800,000 shi ne 700,000 ɗin da ke hannuna. Wannan dacewa ita ce gwajin aikin. In jimillar sassa ukun ba ta yi daidai da bambancin kuɗin farkon shekara da na ƙarshenta ba, akwai abin da aka manta ko aka maimaita.

Karatun da malamin ya yi wa lambobin ya fi haɗa su amfani. Cinikin ya haifi miliyan 2.3, na ɗebi 2, ke nan kusan duk kuɗin injin daga rance da tsohuwar ajiya da kuɗin janaretan suka fito, kuma har yanzu miliyan 3 na yayana suna wuyana.

Inda kwas ɗin ya gaza kuwa, wuri biyu ne. Wata hajiya mai ɗinki ta tambayi yadda za ta rubuta kekunan da bankin Musulunci ya saya mata ta hanyar murabaha, wato bankin ya saya ya sayar mata da riba tana biya a hankali, ya amsa a gurguje ya wuce, alhali rabin ajin na son jin wannan. Amsar ita ce ranar da aka kawo kekunan babu kuɗin da ya ratsa hannunta, don haka ba za su shiga sashen zuba jari ba, sai dai a yi musu bayani a gefe; abin da take biya wata-wata na asalin kuɗin shi ke shiga sashen samo jari. Haka batun kuɗin ruwa: ya ce a sa shi a sashe na farko, bai faɗa cewa IAS 7, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta haɗa wannan bayani, ta daɗe tana ba da zaɓin a sa shi a na farko ko na uku ba, muddin ba a riƙa sauyawa. Mai kwatanta rahoton kamfanoni biyu yana bukatar sanin haka, in ba haka ba zai yabi ɗaya a kan bambancin wurin rubutu kawai.

Na biyu, hanyar farawa daga riba kaɗai ya koyar. Akwai ta kai tsaye, inda ake jera abin da kwastomomi suka biya, a cire abin da aka biya diloli da ma'aikata, kuma amsarsu ɗaya ce. Ga mai shagon da cinikinsa ke bi ta POS da tiransifa, wannan ta fi sauƙi, tunda takardar banki ta riga ta yi masa rabin aikin. Takardar Excel da aka raba mana ma ba ta da gurbin wannan hanya, kuma a waya ba ta buɗuwa da kyau. Wanda zai je ya tafi da kwamfuta in yana da ita, da jerin masu bin sa da waɗanda yake bi, na farkon shekara da na ƙarshenta, da ƙidayar kayan sito na lokutan biyu.