Furfurata ta koma koriya, sai wata mai shago ta nuna mini kuskurena

'Yan uwa mata, wata takwas da zuwana ƙasar waje na sha kunyar da har yau take mini ciwo. Na sayi garin baba don in rufe furfura, na kwaɓa da lemun tsami tun dare kamar yadda ake yi wa lalle, da safe na shafa. Da na wanke, furfurar gaban goshina ta koma kore-kore. Haka na tafi wurin aiki, ana ta satar kallona.

Na koma shagon da fushi. Matar da ke wurin ba ta yi gardama ba, kujera ta ba ni. Ta ce, "'Yar uwa, baba ba ya son tsami, ba ya kuma jira." Lalle ne ke buƙatar a kwaɓa a bar shi awanni, ko ya kwana, kafin launinsa ya fito. Baba kuwa da ruwan ɗumi zalla ake kwaɓa shi, a shafa cikin minti 15, domin iska na taɓa shi yake fara mutuwa. Kuma ba ya zama da kyau a farin gashi sai lalle ya riga shi kamawa.

Yadda ta ce haka na yi. Gashina gajere ne, giram 100 na lalle ya ishe ni. Na shafa, na rufe da leda awa 3, na wanke da ruwa kawai, ban sa mai ba, saboda mai yana hana baba kamawa. Furfurar ta yi ja jawur, gabana ya faɗi, amma haka ake so. A ranar na kwaɓa baba giram 100 da ƙaramin cokali na gishiri, na bar shi a kai awa 2. Wadda ta gaji tana iya bari sai gobe ta shafa baban, kada dai ya wuce kwana 3 da wanke lallen. Da fari akwai ɗan kore, bayan kwana 2 ya zama baƙi wuluk.

Mai son launin ruwan ƙasa ba sai ta yi sau biyu ba. Idan lallen ya nuna, ta kwaɓa baba dabam, ta haɗa su rabi da rabi nan take ta shafa. In baba ya fi yawa, launin ya fi duhu.

Abin da ya burge ni, kowace leda an rubuta abin da ke ciki da ranar lalacewarsa. Abin da ya ƙona mini rai kuwa, ganyen nan biyu mun san su tun muna yara, sai ga ni a nesa wata na koya mini. Mu kuma muna ta rububin baƙin rini mai kamawa cikin minti 10, wanda sau da yawa sinadarin PPD ne a ciki, mai iya kumbura fatar kai. Na ga wadda fuskarta ta kumbura har ido ya rufe, aka ce wai lalle ne bai karɓe ta ba.