Duba daftarin jarrabawa: a raba wa malamai ko a kira zama?

"Malamai, an ba ni riƙon shugabancin sashe a wata kwaleji nan Kaduna, ga jarrabawa saura sati uku. Zan rubuta wa abokan aiki 'yar takarda su duba daftarin tambayoyi. In ce kowa ya karɓi na wani ya tafi da shi, ko mu haɗu mu duba tare?"

Malam, Allah ya taya ka riƙo. Na gwada duka biyun, kuma ni zama na zaɓa.

Rabawa tana da daɗinta. Malamin da ya san kwas ɗin zai zauna a tsanake ya warware kowace tambaya da kansa, nan ne ake gane wadda ba ta da amsa, ko wadda ba a koyar ba. Amma daftarin da ya kwana a jaka ko ya shiga WhatsApp ya fita daga hannunka, in ya ɓulla wurin ɗalibai ba ka san wa za ka tambaya ba. Ga kuma kunya. Ƙaramin malami da wuya ya ja layi a kan tambayar wanda ya koyar da shi, sai ya sa hannu ya dawo maka da ita.

A zama kuwa takarda ba ta barin ɗaki, gyara ya zama na sashe, ba na mutum ɗaya ba. Illarsa gajiya, takardun ƙarshe sukan wuce ba a duba su sosai ba. Shi ya sa nake farawa da na 'yan ajin ƙarshe, tun da su mai dubawa daga waje zai gani.

Wata rana muka ɗauki wata takarda mai tambaya 6, a amsa 4, kowace maki 15, jimla 60, sauran 40 na gwaji da aikin gida. Da muka tara makin rassan tambaya ta 3, sai ga 5 da 5 da 7, wato 17. Duk wanda ya zaɓe ta, a kan 62 za a auna shi. Sannan tambayoyi 4 duk daga darussan satin farko zuwa na biyar suka fito, ɗalibi zai iya cin maki duka bai leƙa rabin manhaja ba. Sai da muka ajiye jadawalin kwas da tsarin ba da maki a gefen daftarin muka gani.

Don haka takardarka kada ta tsaya a "a taimaka a duba". Faɗi rana da lokaci da ɗaki, ka ce kowa ya zo da daftarinsa da jadawalin kwas da tsarin ba da maki bugaggu a takarda. Ka rubuta wa zai duba na wa, kada mutum ya duba nasa. Ka sa ranar da gyararren zai koma hannun jami'in jarrabawa, kwana biyu ya isa. Daftarin da aka yi wa gyara kuwa a tattara shi nan take a kulle.